Kyamarar ƙofa: kar ka huda katanga kafin ka gwada

Jama'a, da yawa masu saka kyamara mai ƙararrawa a get suna ɗora ta can sama don tsoron ɓarayi. A ganina wannan kuskure ne. Daga sama hula kawai za ka gani, ba fuska ba, ranar da aka yi maka sata kuma ba ka da abin nuna wa 'yan sanda. Ka saka ta mita 1.2 daga ƙasa, wato daidai ƙirji.

Kar kuma faɗin digiri 150 da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka, don a gefen hoto fuska tana lanƙwashewa. Misali, kyamara tana ginshiƙin dama, ƙaramar ƙofa tana hagu. Sai ka sa mata matokari a baya, ta karkata kamar digiri 20 wajen ƙofar, har mai ƙwanƙwasawa ya faɗo tsakiyar hoto. Titi zai ragu a hoton, duk keken da ya wuce ba zai dame ka da sanarwa ba.

Saura sabis. Ƙarfen get da katangar bulo suna cinye ƙarfin wayifai. Rufe get ɗin, riƙe kyamarar a wurin, duba RSSI a manhajarta. In ka ga -60, lafiya lau. In ya kai -70, hoto zai riƙa tsayawa, baƙo ya tafi kafin wayarka ta yi ƙara. Matso da rauta tagar da ke kallon get, ka haɗa ta 2.4 GHz. Sai ya gyaru sannan ka kira mai huda bango.