Hoton da na'ura ta ƙera, a rubuta a jikinsa!

Jama'ar Konni, Malbaza da Illela, yau da masu haɗa hotuna a salula muke.

A ce ruwan Maggia ya ci gonaki, kana son a taimaka. Ba ka da hoto, sai ka sa manhajar AI ta ƙera maka: gidan laka ya rushe, tsohuwa tana kuka, buhunan albasa cikin ruwa. Ka saka a WhatsApp. Kafin la'asar ya kai Sakkwato da Abidjan, wani ya ƙara "Galmi yau". Ɗan ci-rani ya ga abin kamar gidansu, ya turo jika hamsin. Ranar da aka gane ƙirƙira ce, wa zai sake yarda da hotonmu na gaskiya? Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma masu asarar gaske ne ke faɗawa ciki.

Za ka ce ai ka rubuta a ƙasa cewa misali ne. Malam, wanga bayani ba ya bin hoto. Mutum ya adana shi cikin waya, ya sake turawa, rubutun ya tsaya baya. Hoton Fafaroma Francis cikin farar rigar sanyi, a Maris 2023, daga dandalin masu amfani da Midjourney ya fito, inda kowa ya san na'ura ce. Da ya fita waje, duniya ta ɗauka gaskiya ne.

Abu biyu muke nema.

Na farko, gyara tun daga umarnin da kake ba manhajar. In ka rubuta `photo réaliste`, ka nemi abin da zai ruɗi ido. Ka nemi zane:

```
dessin à l'aquarelle, couleurs plates, contours noirs, pas une photo
```

Wato zanen fenti mai baƙin layi a gefe, ba hoto ba. In ya fito, ka nuna wa tsohon gidanku. In ya tambaya "ina ne nan?", bai yi ba, sake. Kuma kar ka sa fuskar wani sananne ko allon sunan gari.

Na biyu, rubuta shaida a jikin hoton, da manyan baƙaƙe: ZANEN NA'URA NE. A tsakiya ko kusa da ita, don na gefe yanke shi ake yi. In hoton gaske ne ka ƙara masa ruwa ko jama'a, rubuta: AN GYARA HOTON NAN. Da yawanmu ba sa karatun boko, don haka ka haɗa da saƙon murya.

Ƙara haske ko rage faɗin hoto ba laifi ba ne. Ƙara abin da babu, ko goge abin da akwai, shi ne ke buƙatar shaida.

Masu kula da zaurukan WhatsApp, ku ma da hannunku: ƙirƙirarren hoto marar shaida, a goge shi, ko na waye. Allah ya kiyashe mu da zama sanadin ruɗin ƴan uwanmu.