Sukuru ɗaya ba ya riƙe waya biyu masu kauri dabam

Akwai wata ɗabi'a da ta zauna daram a aikin wayarin, har masu gida suka ɗauke ta a matsayin ƙa'ida: a haɗa waya mai kauri da siririya, a cusa su rami ɗaya, a ɗaure sukuru har hannu ya gaji, a ce an gama. Wannan kuskure ne, kuma ƙarfin ɗauri ba ya gyara shi. Kaurin waya da yawan wutar da za ta bi ta cikinta su ya kamata su zaɓi mahaɗi, ba abin da ya rage a jakar mai gyara ba.

Idan waya mai 6 mm² da mai 1.5 mm² suka shiga rami guda, bakin sukurun kan sauka kan mai kaurin ya tsaya nan. Siririyar sai ta zame gefe, tana taɓa ƙarfe amma ba a matse take ba. Ranar farko fitila za ta kama, kowa ya gamsu. Daga nan jan ƙarfe zai riƙa buɗewa idan ya ɗumama, ya tsuke idan ya huce, gurbin ya ƙara saki, tsatsa ta hau inda iska ke shiga, turjiya ta ƙaru, zafi ya bi ta. Bireka kuwa ba za ta yanke ba, domin yawan wuta take aunawa, ba zafin mahaɗi ba.

A ɗauki gida mai inbata ta wat 1,500 da batir mai bolt 24. Idan aka ɗora mata cikakken nauyi, aka lissafa da asarar inbatar kanta, kusan amfiya 70 ke fita daga batir. An ja kebul mai 25 mm², sai mai aikin ya so ƙara siririyar waya mai 1.5 mm² don agogon da ke nuna ƙarfin batir, ya cusa ta tare da kebul ɗin. A ce mahaɗin ya saki har turjiyarsa ta kai om 0.01, adadin da ido zai raina. Zafin da ke fita shi ne P = I² × R, wato 70 sau 70 sau 0.01, wat 49 ke nan. Wannan ya kai zafin ƙaramin ƙarfen solda, a wurin da bai fi ɗan yatsa ba, kusa da roba da batir. Kuma bolt 0.7 na ɓacewa a wurin, sai inbata ta riƙa kukan batir ya yi ƙasa tun bai yi ba, mai gida ya tafi sayen sabon batir alhali ciwon yana bakin waya.

Maganin wannan wuri shi ne lug, wato ɗan bututun jan ƙarfe mai faffaɗan harshe da huda, wanda ake matse shi a kan kebul. Kowane lug yana ɗauke da lamba biyu: 25-8 na nufin kebul mai 25 mm² da noti mai kaurin milimita 8. Ana fere roba daidai zurfin bututun, a shigar da silin wayar duka, a matse da mamatsin da bakinsa ya dace da lambar. Siririyar waya ta samu nata ƙaramin lug. Babban lug shi ke kwanciya kai tsaye kan ƙarfen batir, ƙaramin a bisansa, sannan wosha da noti. Wosha ba ta shiga tsakanin lug da batir. Amma lug yana da sharaɗi. Wanda aka buga da guduma ko aka cije da filaya yakan bar gurbin iska a ciki. Wanda kuma ya yanke rabin silin waya don ta shiga ƙaramin lug, ya mai da kebul mai 25 ya koma mai 12 a daidai inda aka fi bukatarsa.

A cikin akwatin haɗi na ɗaki kuwa, inda waya mai 2.5 mm² ke saduwa da mai 1.5, ko sandararriyar waya ke saduwa da lallausar wayar fitila, mahaɗi mai liba ya fi duk sauran. Kowace waya tana da raminta da sifirin ɗinta, saboda haka kaurin ɗaya bai shafi riƙon ɗaya ba, kuma sifirin yana ci gaba da matsewa ko jan ƙarfe ya motsa. Samfurin Wago 221 da aka fi sani yana karɓar waya har 4 mm² da wuta har amfiya 32, ana fere masa milimita 11. Babbansa yana kai 6 mm² da amfiya 41. Jikinsa garau yake, ana ganin ko waya ta kai ƙarshe. Iyakarsa ke nan: ba shi da hurumi a kebul ɗin batir mai amfiya 70, kuma kwaikwayonsa marar lamba a jiki bai cancanci a yarda da shi ba.

Masu kare sukuru za su ce shi ne a cikin kowace bireka da kowane soket, ya fi araha, kuma an shekara da shekaru ana aiki da shi. Gaskiya ne, kuma ban ce a jefar da shi ba. Ramin soket an yi shi ya ɗauki waya biyu masu 2.5 mm², domin kaurinsu ɗaya. Kwanekta mai sukuru biyu ma tana haɗa kauri dabam lafiya, muddin kowace waya tana da gefenta da sukurunta, kuma ramin bai yi wa siririyar yawa ba. Lallausar waya kuma a sa mata ferul, ɗan hannun ƙarfen da ake matsewa a bakinta, don kada sukuru ya tsinka silinta. Kada a shafe bakin da dalma a maimakonsa, domin dalma tana lotsawa a hankali ƙarƙashin matsi, ɗaurin ya kwance. Batun araha kuwa, kuɗin lug biyu bai kai na inbata ɗaya ba. Araha ba ta ado.

Akwai abin da babu mahaɗin da zai gyara. Duk inda waya ta sauka daga kauri zuwa siranta, fis ko bireka dole su dace da siririyar. Wayar nan mai 1.5 mm² da ke manne da batir, idan ta haɗu da ɗaya ɓangaren, batir zai tura mata ɗaruruwan amfiya, ta yi ja kafin babban fis ya motsa. Tana bukatar nata ƙaramin fis dab da batir.

Mai gida ba sai ya iya wayarin ba kafin ya gane aikin da aka yi masa. Bayan an kashe wuta, a ja kowace waya ita kaɗai. Wadda ta motsa ba ta ɗauru ba. A duba ko roba ta yi duhu ko ta taurare kusa da mahaɗi, ko akwai ƙaurin ƙuna. A ɓangaren batir, a sa mai aikin ya kunna kaya masu nauyi, ya ɗora mita tsakanin ƙarfen batir da bututun lug. Mahaɗi mai kyau 'yan milibolt zai nuna. Idan mita ta doshi rabin bolt, a kwance a sake, kafin a biya kuɗin aiki.