Sharhi: Ƙarin kashi 2.5 ko na kashi 50? Yadda alƙaluman haraji da kuɗin ruwa ke ruɗa rahotanni

A ranar 1 ga Fabrairun 2020 ne sabon harajin sayen kaya, wanda aka fi sani da VAT, ya fara aiki a Najeriya, inda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Ana iya bayyana wannan ƙari da alƙaluma biyu masu nisa da juna, wato 2.5 da 50, kuma kowannensu daidai ne a muhallinsa. Ruɗanin yana farawa ne idan aka kira su duka biyun da suna ɗaya.

Idan aka cire 5 daga 7.5, saura 2.5. Wannan tazara ce tsakanin ma'auni biyu, kuma da maki ake faɗin ta: harajin ya ƙaru da maki 2.5. Amma idan tambayar ita ce nawa harajin ya ƙaru idan aka kwatanta da yadda yake a da, sai a raba 2.5 ɗin da 5, a samu rabi. Ke nan harajin ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari.

A ɗauki kayan naira 10,000 da harajin ya shafa, domin kayan abinci na yau da kullum ba sa ciki. A da mai saye yana biyan harajin naira 500, bayan ƙarin kuwa naira 750. Abin da ke shiga asusun gwamnati daga wannan ciniki ya ƙaru da rabi. Shi kuwa mai sayen, jimillar kuɗin da ya fitar ta tashi daga naira 10,500 zuwa 10,750, ƙarin da bai kai kashi 2.4 cikin ɗari ba. Kanun labarin da ya ce "haraji ya ƙaru da kashi 50" ba tare da bayani ba zai iya sa magidanci ya zaci kayan naira 10,000 sun koma 15,000. Wanda ya ce "ya ƙaru da kashi 2.5" kuma ya yi kuskure kai tsaye, domin ƙarin kashi 2.5 a kan harajin kashi 5 zai kai shi 5.125 ne kawai.

Hausa ta ƙara wa matsalar nauyi, saboda kalmar "kashi" ita ke ɗaukar ma'anonin biyu a mafi yawan rahotanni, kuma mai fassara da ke sauri yakan zubar da kalmar da ta bambanta su a Turanci. Ba abin mamaki ba ne idan mai kare wani ƙari ya zaɓi ƙaramin adadin, mai sukarsa kuma ya zaɓi babban. Aikin rahoto shi ne ya faɗi wanne ake nufi.

Haka batun yake a kuɗin ruwa. A Fabrairun 2024, Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa kashi 22.75. Ƙarin maki 4 ke nan. Masana harkar banki sukan kira shi ƙananan maki 400, domin suna kasa kowane maki gida ɗari, kuma wanda bai san haka ba zai iya rubuta "kashi 400". Da ƙarin kashi 4 cikin ɗari aka yi, da ma'aunin ya tsaya a 19.5. Ainihin ƙarin ya ɗan haura kashi 21. Bankunan kasuwanci suna ɗora nasu ruwan sama da wannan ma'auni, amma ko da a kansa aka ba da bashin naira miliyan ɗaya, ruwan shekara zai tashi daga naira 187,500 zuwa 227,500. Ɗan kasuwar da ya yi lissafi da kashi 4 zai tanadi ƙarin naira 7,500, alhali 40,000 ke jiransa.

Alƙaluman hauhawar farashi sun fi saurin yaudara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana kashi 34.80 a Disambar 2024, sannan kashi 24.48 a Janairun 2025. Tazarar maki 10.32 ce, kuma ba ta nufin kaya sun sauka da kashi 10. Farashi a Janairun ya ɗara na shekara guda kafinsa da kusan kwata. Bugu da ƙari, a tsakanin watannin biyu hukumar ta sauya shekarar da take auna farashi da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta jerin kayan da take bibiya, don haka alƙaluman biyu ba daga mudu ɗaya suka fito ba, kuma cire ɗaya daga ɗaya ba ya nuna yawan sauƙin da aka samu a kasuwa.