Lauya a Kano, ɗalibi a Damagaram: me ya sa izinin aikin lauya ba ya tsallake iyaka?

Duk ranar Alhamis ƴan kasuwar Dungas suna gangarawa Maigatari da dabbobi, su dawo da kaya. Daga Magariya kuma hanyar Babban Mutum tana kai mutum Daura da Kano. Shanu suna tsallakewa, kuɗi suna tsallakewa, rigingimun bashi da na gado su ma suna tsallakewa. Abin da ke tsayawa cak a bakin iyaka shi ne izinin lauya. Ɗan Magariya da ya karanta shari'a a Kano, aka rantsar da shi a Abuja, ba shi da ikon sa baƙar riga ya kare ko da ƙanensa a gaban alƙalin garinsu.

Wasu na ɗora laifin a kan ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Wasu kuma sun sa rai cewa tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, ƙofa za ta buɗe wa masu takardun Najeriya. Duka biyun kuskure ne. Tun Nijar na cikin CEDEAO, ƴancin shiga da zama bai taɓa zama izinin aikin lauya ba, kuma sauya matsayin harshe bai taɓa sharuɗɗan shiga sana'ar ba.

Dokar da ke riƙe da ƙofa

A Nijar ƙungiyar lauyoyi ɗaya ce, mazauninta Yamai, kuma sai wanda sunansa ke cikin jerinta ake kira lauya. Akwai dokar ƙasa ta 8 ga Yunin 2004, amma wadda ta fi ƙarfi a yau ita ce doka mai lamba 05 ta UEMOA, ta 25 ga Satumban 2014, wadda ta daidaita sana'ar a ƙasashe takwas masu kuɗin sefa. Nijar ta bar CEDEAO, amma ba ta bar UEMOA ba. Sakamakon haka, lauyan Dakar ko na Kwatano yana iya zuwa ya yi shari'a a Damagaram, har ya buɗe ofis idan ya bi ƙa'ida. Lauyan Kano, da ke maƙwabtaka da mu kuma yake magana da harshen masu ƙara, ba shi da wannan dama.

Dalilin ba son kai kaɗai ba ne. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, inda hukuncin manyan kotuna na baya ke ɗaure na ƙasa da su. Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda ake farawa daga rubutaccen kundi. A harkar kasuwanci kuma Nijar na bin dokokin OHADA, waɗanda ƙasashe 17 suka yi tarayya a kai, ba tare da Najeriya ba. Wanda ya ƙware wajen karɓo bashi a kotun Kano zai tarar da wasu matakai, wasu wa'adodi da wasu takardu dabam a Damagaram. Ko a maganar gado da aure da gonaki, inda ilimin shari'ar Musulunci da ya samu a Jami'ar Bayero zai yi masa amfani, alƙalin Nijar yana hukunci ne da al'adar masu ƙara, tare da mashawarta na gargajiya da ke zama kusa da shi.

Hanyar, mataki bayan mataki

A ɗauki misalin wani matashi haifaffen karkarar Dungas. Ya shiga Jami'ar Bayero yana da shekara 19, ya yi shekara biyar, ya ƙara shekara guda a reshen makarantar horon lauyoyi da ke Bagauda, aka rantsar da shi yana da 25. Yanzu yana so ya dawo gida.

Matakin farko shi ne a amince da digirinsa. Dokar 2014 tana neman mastar ta biyu a fannin shari'a wadda CAMES ta yarda da ita, ko tsohuwar metiriz, ko takardar da aka tabbatar daidai take da su. Shekara biyar a Kano ba ta zama mastar kai-tsaye. Sai hukumomin ilimi mai zurfi sun duba darussan da ya yi, kuma idan suka ajiye shi ƙasa da matakin da ake so, sai ya koma aji a Yamai ko Tawa ya cike gurbin.

Mataki na biyu shi ne CAPA, takardar cancantar zama lauya. Ana shiga da jarrabawa, a yi horo, a fita da wata jarrabawar. A nan ne mafi yawan masu dawowa daga ƙasashen Ingilishi za su fi jin jiki, domin ba Faransancin hira ake auna ba. Ana auna salon rubutun makarantun Faransa, yadda ake sharhin hukunci ko warware matsala cikin tsari. Waɗanda dokar ta ɗauke wa wannan jarrabawa kashi biyu ne: alƙalan da suka yi aƙalla shekara goma a kotu suka ajiye aiki, da manyan malaman shari'a na jami'a da suka ci gasar ƙwarewa. Rigar Abuja ba ta sa mutum cikin ɗayansu.

Mataki na uku shi ne zaman koyon aiki na shekara uku a ofishin wani lauya da ya yi aƙalla shekara bakwai da rantsuwa, wanda zai rubuta cewa ya ɗauki nauyin horon. Tunda yawancin ofisoshin lauyoyi a Yamai suke, kusan kilomita 900 daga Damagaram, neman uban gida ma aiki ne. Idan komi ya tafi daidai, matashin namu zai shiga babban jeri yana dab da shekara 30. Abin da zai iya gajarta hanya shi ne yarjejeniyar ba-ni-in-ba-ka tsakanin ƙasashe, wadda dokar ta ce tana aiki ne kawai tsakanin waɗanda suka sa mata hannu.

Inda takardu ke kayar da mutum

Jerin takardun gajere ne: takardar haihuwa, takardar shaidar rashin laifi da ake kira kaziye wadda ba ta wuce wata uku ba, shaidar zama ɗan wata ƙasar UEMOA, digiri, CAPA da wasiƙar uban gida. Amma ga ɗan bakin iyaka, kowace ɗaya na da tarkonta.

Tarko na farko suna ne. Wanda takardar haihuwarsa ta Magariya ta rubuta sunansa da salon Faransanci, jami'ar Kano kuma ta rubuta shi da salon Ingilishi ta ƙara sunan gari a ƙarshe, a idon mai duba takardu mutum biyu ne. Na biyu ranar haihuwa ce. Yara da yawa na karkara ba a yi musu rajista da wuri ba, sai daga baya kotu ta ba su hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, galibi da shekarar da aka ƙiyasta. Idan ta saɓa da wadda aka rubuta lokacin shiga makaranta a Najeriya, sai an koma kotu an gyara kafin a ci gaba.

Na uku ya fi nauyi. Akwai ɗaliban da, don su biya kuɗin makaranta irin na ƴan ƙasa, suka karɓi takardar asali daga wata ƙaramar hukuma a Jigawa ko Katsina. Riƙe ƙasa biyu ba laifi ba ne, Nijar ta halatta shi tun 2014, kuma a wannan yanki akwai masu uwa a can uba a nan. Matsalar ita ce takardar da ta ce an haife ka inda ba a haife ka ba. Majalisar ƙungiyar lauyoyi tana gudanar da binciken ɗabi'a a kan duk mai neman shiga, kuma binciken ya wuce duba ko an taɓa ɗaure mutum. Ƙarya a takarda na iya rufe ƙofar da jarrabawa ta buɗe.

Sai lissafin lokaci. Kaziye na mutuwa bayan wata uku, alhali tabbatar da digiri a Abuja, fassara shi wajen mai fassara da aka rantsar da neman amincewa a Yamai na iya ɗaukar fiye da haka. Mai hankali yana fara da abin da ya fi jinkiri, ya bar kaziye ƙarshe. Wanda ya yi shekaru a Najeriya kuma ya tanadi shaidar ƴan sandan can da shaidar cewa ba a taɓa ladabtar da shi a sana'a ba, don kaziyen Nijar ba ya ganin abin da ya faru a Kano.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne

Najeriya tana da gada ga masu digirin waje. Suna yin zangon farko a hedikwatar makarantar lauyoyi da ke Bwari, inda suke koyon tsarin shari'ar ƙasar, kundin mulki, dokar filaye da ta manyan laifuka, sannan su haɗu da sauran ɗalibai a zango na biyu. Bayan nan majalisar dattawan lauyoyi ta tabbatar da kyawun ɗabi'arsu, a rubuta sunansu a Kotun Ƙoli. Sai dai an gina gadar ne don masu digirin tsarin Ingila daga jami'o'in da hukumar ilimin lauyoyi ta amince da su. Mai mastar daga Jami'ar Abdu Mumuni ba a yi ta dominsa ba. Kowane ɓangare na iya cewa ɗayan ne ya fara rufe ƙofa.

Wa ke biyan kuɗin wannan rufi? Ɗan kasuwar Dungas da aka riƙe wa kuɗin shanu a Maigatari, wanda sai ya nemi lauya biyu da ba su san dokar juna ba. Da kuma wanda ake tuhuma a Magariya, inda ƙarancin lauyoyi ya sa hukumar agajin shari'a da aka kafa a 2011 take dogaro har da masu kariya waɗanda ba lauyoyi ba ne.

Akwai mafita da wasu suka gwada. Faransa, wadda muka gaji tsarinta, tana da jarrabawa ta musamman tun dokar 1991 ga lauyan da ya ƙware a wajen Turai: ya nuna ya san dokar ƙasa da ladubban sana'a, ba tare da ya koma farko ba. Irin wannan jarrabawa, a kan tsarin ƙara na Nijar, dokokin OHADA, al'ada da ladubban lauya, za ta kare masu ƙara ba tare da ta ɓata shekara huɗu na ƙwararre ba. Ba abu ne da Yamai za ta yi ita kaɗai cikin sauƙi ba, tunda dokar ta ƙasashe takwas ce, amma ƙungiyar lauyoyin Nijar na da bakin kai maganar can.

Kafin nan, iyayen Magariya da Dungas da ke shirin tura yaro karatun lauya su fara da tambaya ɗaya: a wace ƙasa zai tsaya gaban alƙali? Digirin likita ko na injiniya yana tafiya da iliminsa kusan cikakke, amma rabin ilimin lauya dokar ƙasar da ya yi karatu ce. Wanda ya riga ya gama a Kano zai iya aikin ba da shawara a kamfani ko ƙungiya, ya kuma haɗa kai da lauyan Damagaram a kan shari'o'in da suka shafi ƙasashen biyu. Abin da ba zai yi ba shi ne kiran kansa lauya a Nijar kafin sunansa ya shiga jeri, don wannan laifi ne, kuma binciken ɗabi'a zai tarar da shi ranar da ya zo neman shiga.