Yadda ɗan kasuwar hatsi ke ɗaure farashi tun masara na gona

Idan kana leƙa Fesbuk ko Tiktok a shekarar 2025, da wuya ba ka ci karo da kukan masu ajiyar hatsi ba. Sun sayi masara da tsada, sun cika sito suna jiran ta ƙara hawa, sai ta rikito. A watan Yulin 2024 ne gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wasu kayan abinci na kwana 150, damina kuma ta yi kyau, kasuwa ta cika. Talaka ya ji sanyi, mai sito ya ji a jikinsa. To, manyan 'yan kasuwar hatsi na duniya fa, yaya suke yi irin wannan faɗuwa ba ta karya su?

Amsar tana birnin Shikago na Amurka, a kasuwar CBOT da aka kafa a 1848. A can ana cinikin abin da zan kira kwangilar gaba, wato alkawarin sayarwa ko sayen wani adadi na hatsi a wani wata mai zuwa, a farashin da aka tsayar yau. Kwangila ɗaya ta masara bushal 5,000 ce. Bushal ma'auninsu ne, kusan kilo 25, ke nan kwangila ɗaya ta kai tan 127. Ba sai ka san wanda ya saya daga hannunka ba, kasuwar ce ke tsayawa tsakani ta lamunce wa kowa. Kuma yawanci ba a kai ko buhu ɗaya. Wanda ya sayar da kwangila yakan sake sayen irinta kafin wa'adi, a ba shi rarar kuɗi ko ya biya giɓi.

Mu buga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce ga ɗan kasuwa mai rumbun hatsi a jihar Ayowa. A watan Mayu, ana cikin shuka, ya yi yarjejeniya da manoma zai sayi bushal 50,000 a hannunsu da kaka, kowane bushal dala 4.20. Manoma sun samu kwanciyar hankali, shi kuma ya ɗauko dala ba gammo, domin in farashi ya karye kafin Oktoba, dole ya biya 4.20 ɗin nan. Sai ya duba kwangilar watan Disamba, wadda ita ce ta sabon amfani, ya ga tana kan dala 4.60. A ranar ya sayar da kwangila goma, daidai bushal 50,000.

Oktoba ta zo, amfani ya yi yawa. Kwangilar Disamba ta sauko zuwa 3.90, a garinsu kuma masara na 3.60. Ya karɓi masarar a 4.20 ya sayar 3.60, asarar santi 60 a kowane bushal, dala 30,000 ke nan. Amma kwangilar da ya sayar 4.60 yanzu zai saye ta 3.90, ribar santi 70, dala 35,000. Haɗa biyun, ya tashi da dala 5,000.

Yanzu juya labarin. A ce fari aka yi, kwangilar ta hau 5.60, masara a gari ta kai 5.30. A masarar hannu ya ci dala 1.10 kan kowane bushal, dala 55,000. A kwangila ya faɗi dala guda kan kowane bushal, dala 50,000. Nawa ya rage? Dala 5,000 dai. Ka lura da kyau: garkuwar da ta tare masa asara ita ce ta hana shi ƙazamar riba. Wanda ya shiga da niyyar in ta hau ya kwashe, in ta faɗi a tare masa, bai gane cinikin ba.

To daga ina dala 5,000 ɗin ta fito? Daga tazarar da ke tsakanin farashin garinsu da na Shikago. Ya saya da tazarar santi 40 ƙasa da Shikago, ya sayar da tazarar santi 30, santi 10 ɗin tsakani shi ne ladansa. Wannan tazara kuwa kwangila ba ta ɗaure ta. Kuɗin mota da na jirgin ruwa da cikar rumbuna ne ke juya ta. Idan da kaka rumbunan yankin suka cika maƙil, tazarar ta buɗe zuwa santi 55, zai yi asarar santi 15, dala 7,500, duk da ya yi komai daidai. Shi ya sa gogaggen ɗan kasuwa ke riƙe da tarihin tazarar garinsu na shekaru, yana kwatanta ta bana da ta baya.

Haɗari na biyu ya fi wannan cizo. Kafin ka shiga kwangila sai ka ajiye kuɗin jingina, kuma kullum in kasuwa ta tashi ana lissafi. Farashi ya motsa santi ɗaya, dala 50 ce a kwangila ɗaya, ga mutuminmu mai goma dala 500. A labarin farin nan, dala 50,000 da ya faɗi ba a Oktoba za a nema ba. Tun Yuli za a riƙa cirewa kullum, alhali masarar da za ta maido masa kuɗin tana gona. In ya kasa cikawa, a rufe masa kwangilar a kan asara, ya zauna ba garkuwa. Haka ta faru a 2008 da hatsi ya yi tashin gwauron zabi: masu rumbuna da yawa a Amurka bashin da banki ya ware musu ya kusa ƙarewa wajen cike jingina, har wasu suka daina yi wa manoma tayin farashin gaba. A Maris na 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukiren, alkamar Shikago ta yi kwanaki a jere tana kai iyakar hawan da aka ƙayyade na yini, ta wuce dala 13 a bushal. Saboda haka kafin ɗan kasuwa ya sayar da kwangila, tambayar farko ita ce: in farashi ya hau da dala guda, ina da tsabar kuɗi ko banki a bayana?

Na uku, farin da ya ɗaga farashi shi ne kuma ke ƙone gona. In manoma suka kawo bushal 30,000 kacal, kwangila huɗu cikin goma sun zama ba hatsi a bayansu, asararsu ta dala 20,000 babu abin da zai cike ta sai an bi manoman. Alamar gane wannan mai sauƙi ce: duk ranar da adadin da ke takarda ya zarce hatsin da kake da tabbacinsa, ka bar kariya ka koma caca.

Za ka ce to ɗan Dawanau ya kama ta Shikago mana. Ba za ta yi masa ba. Farashin masarar Kano damina da darajar naira da dokar kan iyaka ne ke juya shi, yana iya faɗuwa Shikago na hawa, sai ya yi asara ta fuska biyu. Afirka ta Kudu ta gina tata kwangilar farar masara mai tan 100 a kasuwar Johannasbag, a kan kuɗinta na rand, da rumbuna masu rajista da ma'auni guda. Abin da ya kamata mu riƙa tambayar masu mulki ke nan duk lokacin da suka yi mana maganar kasuwar kayan gona: ina rumbun da takardarsa ke da daraja, wa ke tantance ingancin hatsi, kuma wa zai tsaya tsakani in ɗaya ya saɓa alkawari?