Wanda Ya Gifta a Bayan Jaruma

A ranar 5 ga Mayu 2019, masu kallon shirin Game of Thrones suka hango kofin kwali na shan gahawa, irin na zamani, ajiye a kan teburin walima a gaban jaruma Emilia Clarke, alhali labarin na duniyar takobi da dawaki ne. Cikin 'yan kwanaki tashar HBO ta goge kofin daga shirin. A Nuwamba 2020 aka sake irin haka a shirin The Mandalorian, inda wani ma'aikaci sanye da wandon jins ya leƙo a gefen hoto, shi ma aka ɓatar da shi. Irin waɗannan labarai sun ƙara wa masu shirya fim ƙarfin faɗin maganar da editoci suka fi tsoro: a bar shi, a gyara a kwamfuta. Ra'ayina shi ne wannan magana tana da gaskiya a kan kofi, amma a kan mutumin da ke tafiya bashi ce da darakta ke ci, edita ya biya. Mafi yawan wahalar goge mai wucewa ana yanke ta ne tun a lokeshin, kafin kowa ya kunna kwamfuta.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne babu gogewa ta gaskiya a wannan aiki. Kyamara ba ta ɗauki abin da ke bayan mutumin ba, domin ya tare shi. Idan aka cire shi, rami ne zai rage. Aikin duka faci ne, kamar na tela: a nemo ƙyallen da ya dace daga wani wuri, a yanka shi daidai ramin, a ɗinke shi yadda ido ba zai ga zare ba. Bambancin kawai shi ne tela riga ɗaya yake yi wa faci, edita kuwa hotuna 25 yake yi wa a kowace daƙiƙa, kuma dole facin ya zauna wuri ɗaya a cikinsu duka.

Mu ɗauki misali irin wanda duk mai ɗaukar fim a unguwa ya sani. Jaruma na tsaye tana magana a gaban katangar ƙasa, labarin na zamanin da ne, mai ɗauka ya riƙe kyamara a kafaɗa. Tsawon ɗaukar daƙiƙa 8, wato firem 200. A firem na 60 wani saurayi sanye da rigar ƙwallo ya shigo ta hagu, ya bi ta bayan jarumar tsakanin firem na 90 da na 110, ya fita ta dama a firem na 135. Daƙiƙa 3 kacal ya yi a hoto.

Tambayar farko ita ce ina za a samo katangar da ya tare. A nan an yi sa'a, domin kafin shigowarsa kyamara ta ga katangar ba kowa. Sai a zaɓi firem ɗaya mai kyau, mu ce na 40, wanda kyamara ba ta girgiza a cikinsa ba, a daskarar da shi. A manhajar Nuke ana yin haka da `FrameHold`, a After Effects kuma da `Freeze Frame`. Wannan shi ne hoton fage, wato wurin ba tare da mai wucewa ba. Idan akwai ɗan abin da ya rage a cikinsa, a nan ne ake ɗauko alƙalamin kwafe, `Clone Stamp`, a kwaso wani sashe na katangar a shafa a kan wani.

A kan wannan alƙalami nake da ja da yadda masu koyo da yawa ke amfani da shi. Wanda ya saba gyaran hoton biki a Photoshop yakan ɗauka bidiyo hotuna ne masu yawa kawai, sai ya bi firem 75 ɗaya bayan ɗaya yana shafe saurayin da hannu. Kowane firem idan aka tsayar da shi zai yi kyau. Da zarar an kunna, sai katangar ta riƙa ɓari kamar ruwa na tafasa, domin hannun mutum ba ya kwaso wuri ɗaya sau biyu daidai wa daida, idon mai kallo kuwa ya fi saurin kama motsi a kan komai. Kwafe na firem ɗaya ne. A yi shi sau ɗaya da natsuwa, a bar wa bin sawu ɗawainiyar ɗaukarsa zuwa sauran.

Bin sawu shi ne koya wa kwamfuta yadda kyamara ta motsa, don facin ya motsa tare da katangar. Hanya mafi sauƙi ita ce a liƙa wa wani tabo mai bayyana alama, manhaja ta bi shi firem bayan firem. Tabo ɗaya yana ba da motsin sama da ƙasa, hagu da dama. Tabo biyu suna ƙara juyawa da kusantowa. Amma ga katanga, abin da ya fi shi ne bin shimfiɗar baki ɗaya, aikin da Mocha ta yi suna a kai, wanda kuma Fusion na cikin DaVinci Resolve ke yi da `Planar Tracker`. Ana zagaye babban sashe na katangar, manhaja ta bi zanen yaɓen duka. Sharaɗi ɗaya ne: a cire saurayin da jarumar daga yankin da ake bi. In ba haka ba, da ya gifta sai manhajar ta rikice, ta bi rigarsa ta bar katangar, facin ya zame a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Daga nan sai shaci, wato layin da ke faɗa wa kwamfuta inda faci zai bayyana. Shaci biyu ake bukata, kuma halinsu ya saɓa. Na saurayin ba ya son tsanani: a zagaye shi da faɗi, a bar tazara, a tausasa bakin da `Feather` don facin ya narke cikin hoton asali. Na jarumar kuwa shi ne mai cin rai. A firem 20 ɗin da ya bi ta bayanta, facin zai hau kafaɗarta da gyalenta, don haka dole a yanko ta da hannu a mayar da ita sama. Wannan aiki tsoho ne, asalinsa na'urar da Max Fleischer ya nemi rajistarta a 1915 don zana hoto a kan fim firem bayan firem, kuma har yau haƙuri yake ci. Ba a zagaye mutum da layi ɗaya. Kai daban, kafaɗa daban, hannu daban, domin kowace gaɓa da irin motsinta. Idan gyalen shara-shara ne, launin rigar ƙwallon zai ratso ta cikinsa, kuma babu shacin da zai raba su. Sai dai a rage launin da hannu, a yi fatan mai kallo fuskarta yake duba.

Abin da ya fi tona asirin aikin gaggawa shi ne inuwa. A goge mutum a manta da inuwarsa, sai a ga duhu na tafiya a ƙasa ba mai shi. Gyaran ba faɗaɗa shaci kawai ba ne, domin ƙasa shimfiɗa ce daban da katanga. Wanda ya taɓa leƙe ta tagar mota ya san itatuwan bakin hanya na gudu, dutsen nesa kuwa da kyar yake motsi. Haka abin yake idan kyamara ta matsa gefe: ƙasar da ke kusa ta fi katangar saurin gusawa. Don haka ƙasa na bukatar nata bin sawun da nata facin, a haɗa su a gindin katangar. Idan akwai turke ko bishiya tsakanin kyamara da katanga, shi ma nasa daban. Kowane zurfi da aka ƙara a hoto ƙarin aiki ne.

Ko an gama duk wannan, facin na iya zama kamar tabon mai a farar riga. Dalili na farko haske ne: firem na 40 an ɗauke shi rana na haskawa, a firem na 100 wataƙila gajimare ya ɗan rufe ta, ko kyamarar da aka bari tana daidaita haske da kanta ta rage buɗewa. Sai an bi launin facin ana ɗaga shi ana sauke shi tare da hoton. Dalili na biyu ya fi ɓoyuwa. Kowane bidiyo na da ƙananan ɗigo-ɗigo da ke canzawa a kowane firem, musamman a wurare masu duhu. A daskararren firem su ma sun daskare, sai sashen ya yi tsit a tsakiyar hoton da ke numfashi. Maganin shi ne a wanke ɗigon daga facin, a ɗora masa sabo mai motsi wanda girmansa ya yi daidai da na asali. Hanyar gane ko an dace ba tsayar da hoto ba ce. A kunna daƙiƙoƙin nan suna maimaituwa a babban allo, a tsananta haske da duhu fiye da kima, a zuba wa bakin facin ido. Abin da ya ɓuya a allon waya a nan yake fitowa.

(Duk maganata a kan fim na ƙirƙira ce. A labarai da shirin gaskiya, cire mutum daga hoto ƙarya ce komai kyan aikin. Hoton Stalin a bakin mashigin ruwan Mosko, wanda aka ɓatar da Nikolai Yezhov daga cikinsa bayan an kawar da shi, da irin wannan ƙwarewa aka yi shi.)

Yanzu a sake misalin da sauyi kaɗan. A ce saurayin tsayawa ya yi yana kallon 'yan fim tun daga firem na farko har na ƙarshe, kamar yadda 'yan kallo suka saba. To, kyamara ba ta taɓa ganin abin da ke bayansa ba, sai edita ya ƙirƙiro shi. Katangar ƙasa tana yafiya, ana iya kwaso yaɓe daga gefe. Idan ƙofa ce mai zane, ko rubutu, ko ruwa mai gudu, ko taron kasuwa, hoton da aka daskarar ba zai yi ba, kuma sau da yawa sake ɗauka ya fi arha.

Masu cewa a gyara a kwamfuta suna da hujja, ban raina ta ba. Rana na faɗuwa, kuɗin lokeshin na tafiya, titi ba na darakta ba ne, kuma jaruma ba lallai ta sake kuka irin na ɗazu ba. Idan wasan ya yi kyau, a riƙe shi. Amma kafin a ɗaga kyamara daga wurin, a ce kowa ya fita daga hoto, a ɗauki daƙiƙa 10 na fagen ba kowa, daga tsayi ɗaya, da gilashin kyamara ɗaya, ba tare da an taɓa saitin haske ko nisan gani ba. Idan an san wurin ba ya rabuwa da masu giftawa, a kafa kyamarar a kan sandarta mai ƙafa uku tun farko. A misalinmu wannan zai kawar da bin sawun katanga da na ƙasa gaba ɗaya, aikin ya koma shaci mai faɗi ɗaya, da firem 20 na gyalen jaruma, da daidaita haske. Girgizar kafaɗa da darakta ke so kuwa ana iya ƙara ta daga baya, bayan facin ya zauna.