Bashin kanti a Maradun: Abin da rufe kasuwanni a 2021 ya tona

A shekarar 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, sannan aka katse layukan waya na tsawon makonni. Ga ɗan kasuwar Maradun ko Bakura da ke bayar da kaya bashi, hanyoyi biyu na karɓar kuɗinsa ne suka toshe lokaci guda: haɗuwa ran kasuwa, kamar ta Talata Mafara, da kuma kiran waya. Wanda ya riƙe lissafinsa a ka, sai abin da ya iya tunawa.

Hana bashi gaba ɗaya ba zai yiwu ba a nan. Manomin rani a Bakolori ba ya ganin kuɗi sai ya girbe shinkafa, ma'aikaci kuma sai ƙarshen wata. Abin dubawa shi ne nawa za a bayar.

A ɗauki misalin mai kanti da ke saro buhun sukari naira 70,000 yana sayarwa 73,500. Ribarsa 3,500 ce. Idan aka cinye masa kuɗin buhu ɗaya, sai ya sayar da buhu 20 kafin ya maido uwar kuɗin kaɗai. Ko da an biya shi bayan wata uku, in sari ya tashi zuwa 75,000, kuɗin ba za su sake sayen buhun ba. Shi ya sa dogon bashi ya ƙara haɗari tun bayan cire tallafin man fetur a 2023.

Iyaka mai ma'ana ita ce kada bashin mutum ya wuce cinikin da ya saba yi kuɗi hannu a mako biyu, kuma ba a ɗora sabo kan tsoho. Idan mai kanti ya je sari kuɗinsa suka kasa cike kantin kamar jiya, alhali ciniki bai ragu ba, to jarin yana hannun mutane.

Littafin bashi kuwa, kowane mutum da shafinsa: kwanan wata, kaya, farashi, ranar biya, da sa hannu ko dangwalen yatsa. A ƙara ƙauyensa da sunan wanda ya tsaya masa, domin a yankin da hari ke tayar da gari cikin dare, lambar waya kaɗai ba ta isa ba. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, a tuna masa aya ta 282 ta Suratul Baƙara.

Bibiya takan lalace saboda kunya. Gara a tsayar da tsari: tuni kwana biyu kafin wa'adi, tuntuɓa a ranar, in mako ya wuce a dakatar da ba shi kaya a raba masa biyan kashi-kashi. Sai hakan ya gagara ake zuwa wurin wanda ya tsaya masa, daga nan mai unguwa.